Yadda fuskar Guy Fawkes ta fita daga fim ta shiga zanga-zanga

Tambaya: "Malam don Allah ina da tambaya. Wannan farar fuskar roba mai gashin baki da murmushi da nake gani a hotunan zanga-zanga a ƙasashe daban-daban, an ce min wai daga fim aka samo ta. To ya akai abin da aka ƙirƙira don labari ya koma alamar adawa da gwamnati? Akwai wanda ya tsara haka ne, ko haka kawai abin ya faru?"

Amsa: Ɗan'uwa babu wani mutum ɗaya da ya zauna ya tsara, amma kuma ba haka kawai ya faɗo daga sama ba. Mafi yawan mutane suna ɗauka cewa saƙon da ke cikin labarin ne ya ja hankalin masu zanga-zanga har suka ɗauki fuskar, ni kuwa a iya bibiyar da na yi wa wannan fanni abin da na gani shi ne buƙata ce ta fara jawo ta, ma'ana daga baya ta biyo. Mutane suna da matsala a titi, suna son ɓoye fuskarsu kuma a lokaci guda suna son a gan su, sai ga wani abu mai arha a kasuwa wanda ya yi musu aikin biyun tare. Zan bi maka tarihin wannan fuskar ita kaɗai daki-daki, don idan ka gane nata ka gane na sauran.

Asalin mutumin dai ba na ƙirƙira ba ne. Guy Fawkes Bature ne ɗan Ingila mabiyin ɗarikar Katolika, yana cikin wasu mutane ƙarƙashin jagorancin Robert Catesby da suka shirya tarwatsa majalisar Ingila da sarki James na ɗaya a ciki a ranar 5 ga Nuwamba 1605. An kama shi a ɗakin da ke ƙarƙashin ginin yana gadin gangunan albarushi 36, aka kashe shi a watan Janairu 1606. Daga nan duk shekara a wannan rana mutanen Ingila suna haɗa mutum-mutuminsa su ƙone, suna murnar sarki ya tsira. Wato ɗaruruwan shekaru wannan fuska fuskar maci amana ce wanda ake ƙonawa, ba ta gwarzo ba. Kuma shi kansa ba 'yancin talaka ya fito nema ba, so suke su kawar da sarki ɗan Furotesta su ɗora mulkin da zai yi daidai da ɗarikarsu. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Juyin farko ya zo a 1982, lokacin da marubuci Alan Moore da mai zane David Lloyd suka fara fitar da labarin V for Vendetta a wata mujallar zane ta Birtaniya mai suna Warrior, zamanin mulkin Firayim Minista Margaret Thatcher kenan. Mujallar ta mutu a 1985 labarin bai ƙare ba, sai kamfanin DC Comics na Amurka ya ɗauka aka kammala tsakanin 1988 da 1989. Labarin wani mutum ne da ake kira V wanda yake yaƙar gwamnatin kama-karya a Ingila, kuma har labarin ya ƙare mai karatu ba ya ganin fuskarsa. Lloyd ne ya kawo shawarar a sa masa kamannin Guy Fawkes, kuma shi ya zana fuskar da kake gani yau: fara fat, kumatu da ɗan ja-ja, siririn gashin baki da ya lanƙwasa sama, ɗan tsinin gemu a haɓa, idanu a tsuke, da murmushin da ba ka iya cewa na fara'a ne ko na barazana. Mutumin da ake ƙonawa duk shekara ya koma jarumin labari.

To amma ka lura da wani abu, littafin nan ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana hannun mutane, masu karanta shi suna son shi sosai, amma ba a ga fuskar ta cika titi ba. Da a ce saƙo shi kaɗai ya isa ai da tun a shekarun 1980 an fara sa ta, lokacin da zanga-zanga ta yi yawa a Birtaniyar ma kanta. Ba a sa ba saboda babu ita a matsayin abin da za ka riƙe a hannu, zane ce kawai a takarda, kuma a littafin ba taron jama'a ne ke sa ta ba, V ne, bayan ya mutu wata yarinya mai suna Evey da ya horar ta gaje ta. Mutum ɗaya sai mutum ɗaya.

Fim ɗin da Warner Bros suka yi, wanda ya fita gidajen kallo a Maris 2006, shi ya canza wannan, kuma ta hanyoyi biyu. Ta farko a cikin labarin ne. Masu fim sun ƙara abin da babu a littafi, V ya aika wa jama'ar London fuskokin a cikin kwalaye gida-gida, sannan a ƙarshen fim dubban mutane suka fito sanye da ita da baƙar hula da baƙar alkyabba suna tafiya zuwa majalisa, sojoji na tsaye da bindigogi suna jiran umarni, umarni bai zo ba, jama'a suka ratsa ta tsakaninsu suka wuce. Ni a ganina wannan 'yan mintunan su ne komai a wannan tarihi, saboda sun nuna wa mai kallo yadda ake amfani da abin. Ba wai kawai ka ga jarumi ka burge ba, an nuna maka kai talaka kana sanye da ita, kana cikin taro, kuma taron ya yi nasara. Hanya ta biyu kuwa ta kasuwa ce, don tallar fim aka fara buga fuskar da roba mai sauƙi da ɗan zaren roba na ɗaurewa a ƙeya, kamfanin Rubie's mai yin kayan shigar wasa ya samu lasisin yin ta, ta shiga shaguna da intanet a kan 'yan daloli kaɗan. Alan Moore shi bai ma yarda da fim ɗin ba, ya sa an cire sunansa, amma abin ya riga ya bar hannunsa.

Ko bayan fim ɗin ma ba kai tsaye ta tafi zanga-zanga ba, ta fara yada zango a wani dandalin intanet mai suna 4chan inda ake saka hotuna ba tare da suna ba, matasan wurin suka riƙa liƙa ta a wani ɗan zanen mutum da suke kira Epic Fail Guy suna raha da shi. Ba siyasa a ciki ko kaɗan. Amfanin wannan zangon shi ne fuskar ta zama sananniya a wurin wasu mutane da dama can al'adarsu ita ce kowa ya yi magana ba suna, duk wanda bai sa suna ba shafin yana rubuta masa Anonymous, wato marar suna, kuma daga nan ƙungiyar masu fafutuka da kutse a intanet da ake kira Anonymous ta samo sunanta.

Sai Janairu 2008. Wani bidiyo na cikin gida na Cocin Scientology, wata ƙungiyar addini da aka kafa a Amurka, wanda jarumi Tom Cruise yake magana a ciki ya fita intanet, cocin ya yi ƙoƙarin a sauke shi da hujjar haƙƙin mallaka, mutanen Anonymous suka ɗauki abin a matsayin toshe baki, suka ƙaddamar da abin da suka kira Project Chanology. Da farko a intanet suke yaƙin, daga baya suka sa ranar 10 ga Fabrairu 2008 a fito a tsaya gaban gine-ginen cocin a birane da dama, London da Los Angeles da Sydney da sauransu, kuma dubban mutane sun fito. Anan ne buƙatar ta bayyana. Cocin ya yi suna wajen ɗaukar hoton masu sukarsa da bibiyarsu da kai su kotu, don haka a cikin ƙa'idojin da masu shirya fitar suka yaɗa akwai cewa kowa ya rufe fuskarsa. Ba a ce lallai sai fuskar Guy Fawkes ba. Idan ka duba hotunan ranar za ka ga wani ya naɗe fuska da gyale, wani baƙin tabarau da hula, wani takunkumin asibiti, wasu kuma farar fuskar nan. Abin da ya faru shi ne masu ɗaukar hoto na jaridu ita suka fi ɗauka, don mutum biyar da gyale a fuska ba su ba ka wani hoto ba, amma mutum biyar masu fuska iri ɗaya suna murmushi iri ɗaya sun juyo suna kallon kamara, wannan edita ba zai wuce shi ba. Waɗanda suka ga hoton a gida, da za su fito a zagaye na gaba a watan Maris, ita suka saya. Haka abin ya riƙa ciyar da kansa, hoto yana jawo masu saye, masu saye suna ƙara samar da hoto.

Ina son ka tsaya a nan kaɗan don wannan ne zuciyar amsar. Gyale yana ɓoye ka amma ba ya faɗin komai, kuma yana sa ka yi kama da ɓarawo a idon mai wucewa. Kwalin rubutu yana faɗin saƙo amma sai wanda ya iya yaren zai karanta, kuma fuskarka a waje take. Ita wannan fuskar ta ɓoye ka, ta nuna kai da na kusa da kai tafiyarku ɗaya ko da ba ku taɓa haɗuwa ba, ta ba ɗan jarida hoton da za a gane a kowace ƙasa ba sai an fassara ba, kuma ƙungiyar da ba ta da shugaba ba ta da ofis ba ta da kakaki ta samu fuskar da za a san ta da ita. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, jarida tana son fuska, idan motsi ba shi da jagora to dole a samo abin da za a sa a shafin farko.

Daga nan yaɗuwar ta yi sauri. A 2011 ta bayyana a Occupy Wall Street, zanga-zangar adawa da manyan bankuna da kamfanoni, da aka fara ranar 17 ga Satumba a Zuccotti Park da ke New York, ta bi Occupy zuwa London, ta bayyana a zanga-zangar ƙasashen Larabawa. A Janairu 2012 wasu 'yan majalisar Poland suka ɗaga ta suka kare fuskokinsu a cikin zauren majalisa don adawa da yarjejeniyar ACTA ta ƙasa da ƙasa kan kayan jabu da haƙƙin mallaka, kuma nasu ma ba na roba ba ne, a takarda aka buga. Wannan ɗan bayanin ina ba shi muhimmanci, don ya nuna zanen ya kai matsayin da ko a baƙi da fari aka buga shi a firinta aka yanke da almakashi ana gane shi. Alamar da ba za a iya kwaikwayarta da kayan banza ba ba ta nisa.

Sai kuma hukuma ta shigo ta ƙarasa aikin. A New York 'yan sanda sun kama wasu masu Occupy da wata tsohuwar doka ta 1845 da ta hana taron mutane masu rufe fuska. Bahrain ta hana shigo da fuskar a Fabrairu 2013, Saudiyya ma ta hana a wannan shekarar. Kanada ta yi doka a 2013 da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya rufe fuska a cikin tarzoma, Hong Kong ta hana rufe fuska a zanga-zanga a Oktoba 2019. Duk ranar da gwamnati ta kira sunan wani abin roba ta ce an haramta, ta sanar da duniya cewa abin yana damunta, kuma wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba ya fahimci me sa shi yake nufi.

Yanzu bari mu zo inda abin yake lalacewa, don wallahi ba na son ka tafi da tunanin cewa alheri ne zalla.

Abin da ya ba fuskar nan damar tafiya ko'ina shi ne ta zubar da kayanta a kowane zango. Ta bar Katolikancin Fawkes a 1982. V na littafi mutum ne da bai yarda da gwamnati kowace iri ba kuma yana kisa yana tayar da bam, Moore da gangan ya bar mai karatu cikin shakkar ko gwarzo ne ko mahaukaci, fim ya sassauta wannan ya mai da shi mai neman 'yanci. Titi ya sake sassautawa har abin da ya rage shi ne "ba mu yarda ba" kawai, ba tare da an faɗi da me ba. To abin da ba ya ɗauke da komai kowa zai iya zuba nasa a ciki, kamar tulun da babu ruwa. A 2013 a Thailand masu adawa da gwamnatin Yingluck Shinawatra suka fito da ita, kuma da yawansu masu tsananin goyon bayan masarauta ne, alhali mutumin da ke kan fuskar sarki ya je kashewa. Masu ra'ayin hagu sun sa ta, masu ra'ayin dama sun sa ta, masu damfara a intanet sun sa ta a bidiyo suna cewa su Anonymous ne kuma babu mai iya ƙaryata su tunda babu rajista. Ɗan leƙen asiri ko wanda aka turo ya tayar da fitina shi ma zai iya saya ya shiga taro, ya fasa gilashi, gobe hoton da za a buga na masu fuskar ne gaba ɗaya. Wannan ba ƙaramar illa ba ce ga mutanen da suka fito da gaskiyarsu.

Sannan kariyar da take bayarwa ba ta kai yadda ake zato ba. Duk wanda ya taɓa sa ta ya san ramukan idon ƙanana ne, ba ka ganin gefenka, numfashi yana taruwa a ciki fuska ta jiƙe da gumi, shi ya sa a hotuna da yawa za ka ga an ture ta sama kan goshi ko an juya ta ƙeya, kuma da zarar an yi haka ɓuyan ya ƙare. Ba ta tare barkonon tsohuwa ko kaɗan. A Hong Kong a 2019 waɗanda ke sahun gaba hular kwano da tabarau na kariya da abin tace numfashi suke sawa, farar fuskar ta fi fitowa a ranakun da ake son nuna alama. Kuma ba ta ɓoye wayar da ke aljihunka, ba ta ɓoye takalminka da tafiyarka da hanyar da ka bi ka zo. Mutanen Anonymous da aka kama aka gurfanar a Amurka da Birtaniya daga 2011 ta sawun da suka bari a intanet da kuma bayanan na cikinsu aka kai gare su, fuskar roba ba ta da abin da za ta yi musu a nan.

Akwai kuma maganar kuɗi da mutane ke yawan kawowa. Haƙƙin zanen na Warner ne, duk fuska ta asali da aka saya suna da kaso, a 2011 an ruwaito Rubie's na sayar da sama da 100,000 a shekara, wato mai zanga-zangar adawa da manyan kamfanoni yana sa wa babban kamfani kuɗi a aljihu. Gaskiya ne, amma ni ban ɗauke shi babbar hujja ba, saboda da yawan waɗanda ke titi na jabu ne ko na takarda, kuma ba don kamfani ya buga ta da yawa ya cika kasuwa ba da ba ta kai hannun kowa ba tun farko.

Idan kana son ka gwada wannan bayanin ka ga ko ya tsaya, ɗora shi a kan jar alkyabba da farar hular labarin The Handmaid's Tale na Margaret Atwood. Littafin ya fito tun 1985, amma sai a 2017, shekarar da aka mai da shi fim mai dogon zango, kayan suka fito fili, a watan Maris wasu mata suka sa su suka shiga majalisar dattawan jihar Texas suka zauna a wurin 'yan kallo lokacin da ake muhawara kan dokokin zubar da ciki, daga baya aka gan su a Ajantina da Ireland a 2018. Nan ma buƙata ce a gaba, a zauren majalisa ba a yarda ka yi ihu ko hayaniya ba, amma mace da ta rufe jikinta ta zauna shiru ba ta karya wata doka ba, kuma duk kamarar da ke wurin sai ta juyo kanta. Bambancinsu da fuskar Guy Fawkes shi ne su waɗannan kayan suna ɗaure da magana guda, maganar iko a kan jikin mace, don haka ba sa yawo zuwa zanga-zangar haraji ko ta tsadar rayuwa, sai dai kuma da wuya wani ya sace su ya juya ma'anarsu. Ɗaya ta samu faɗi ta rasa ma'ana tsayayya, ɗaya ta riƙe ma'ana ta tsaya a fage guda.

Fentin fuskar Joker kuwa, wato ɗan wasan barkwancin da ke fim ɗin Joker, da aka gani a Beirut da Santiago da Hong Kong a ƙarshen 2019, makonni kaɗan bayan fitar fim ɗin, a ganina misali ne na wanda ya taso bai zauna ba. Fenti yana cin lokaci, kowa da irin yadda nasa zai fito don haka taron ba ya zama fuska ɗaya, ba ka iya cire shi cikin daƙiƙa ka jefa a jaka idan 'yan sanda sun matso, kuma babu wata tafiya da ta ɗauke shi ta ce nata ne yadda Anonymous suka riƙe farar fuskar shekara da shekaru, har suka mai da 5 ga Nuwamba ranar fita ta duk shekara da suke kira Million Mask March. Da zafin fim ɗin ya wuce fentin ya ragu a titi, ita kuwa farar fuskar yanzu da yawan matasan da ke sa ta ba su kai shekarun kallon fim ɗin ba lokacin da ya fito a 2006, a hotunan zanga-zangar wasu suka fara ganinta.